Yadda Ake Gane Layin Sadarwa Ya Fara Lalacewa Kafin Ya Yanke

A asibiti ko banki ko makaranta, duk kwamfutocin ma'aikata suna haɗuwa ne a wata na'ura mai kafofi jere da ake kira suwic. Kowace kafa da kebul ɗinta: wannan ya nufi kwamfutar akawu, wancan ya nufi wani suwic ɗin a ginin da ke maƙwabtaka. Da wuya layi ya mutu farat ɗaya. Yakan fara ne da lalata saƙo jefi-jefi, ko ya ɗauke na 'yan daƙiƙu ya dawo. Ma'aikata su yi ta ƙorafin nauyin aiki, injiniya ya zo ya tarar da fitilu kore, ya ce lafiya lau. Alhali suwic ɗin ya san abin da ke faruwa, kuma akwai hanyoyi biyu na jin labarin daga gare shi.

Hanya ta farko ita ce SNMP, wadda aka fito da ita a 1988. Ana ajiye kwamfuta ɗaya mai manhajar sa ido, kamar LibreNMS ko Zabbix, tana tambayar suwic lokaci-lokaci, galibi bayan kowane minti biyar. Kowace kafa tana da ƙidayarta: ifInErrors yana ƙirga ƙunshin saƙon da ya iso a lalace, ifInDiscards kuwa yana ƙirga wanda ya iso lafiya amma aka yar, sau da yawa saboda cunkoso. Bambancin nan yana da amfani, domin na farko yana nuna kebul ko mahaɗarsa, na biyu kuma yana nuna yawan kaya. Ƙidayar tana tafiya ne kamar mitar wutar lantarki: hawa kawai take yi, don haka abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin karatun ɗazu da na yanzu.

Mu ɗauki misalin asibiti mai gine-gine biyu, an haɗa ɗakin gwaje-gwaje da babban gini da kebul ɗin faiba, wanda ya shiga kafa ta 24 a suwic ɗin babban gini. Da ƙarfe 10:00 ifInErrors ya nuna 41,200. Wannan adadi shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, mai yiwuwa tarin kurakuran bara ne da aka riga aka gyara. Da ƙarfe 10:05 sai ya nuna 41,950, ƙarin 750 ke nan. A mintunan nan biyar ƙunshi miliyan ɗaya da rabi ne suka shigo, wato ɗaya cikin kowane 2,000 ya lalace. Ga ido kamar ba yawa, amma lafiyayyen layin faiba yakan yi kwanaki ƙidayarsa ba ta motsa ba. Kuma kowane ƙunshi ya ɓace sai an sake aiko shi, mai aikawar kuma ya rage gudu. Shi ya sa sakamakon gwaji yake daɗewa bai buɗe ba a allon likita.

Sai injiniya ya duba ɗayan ɓangaren. Suwic ɗin ɗakin gwaje-gwaje bai ƙirga kuskure ko ɗaya ba. Da yake mai karɓa ne yake gane lalacewar saƙo, kuma faiba ta yau da kullum zare biyu gare ta, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, laifin yana kan hanyar da ke kawo haske zuwa babban gini. Abin bincike ya ragu zuwa uku: bakin mahaɗa, zaren kansa, ko 'yar na'urar SFP da ke mayar da saƙo haske. Ana farawa da mafi sauƙi, a goge bakin mahaɗar da abin da aka tanada domin haka, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. In ƙidayar ta tsaya cak bayan nan, an gano. Da kebul ɗin tagulla ne, sai a duba matsewar kansa da tsawonsa, domin iyakarsa mita 100 ce.

Sai dai SNMP yana da inda ba ya gani. In layi ya ɗauke da ƙarfe 10:02 ya dawo bayan daƙiƙa takwas, tambayar 10:05 za ta tarar da shi a kunne. Ana iya saita suwic ya aika gargaɗin SNMP nan take, amma cikakken bayani yana zuwa ne ta hanya ta biyu, wato syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980. A nan suwic ba ya jiran tambaya; da zarar abu ya faru sai ya rubuta layi ɗaya da lokacinsa. A na'urorin Cisco saƙon kamar haka yake:

```
%LINK-3-UPDOWN: Interface GigabitEthernet1/0/24, changed state to down
```

Lambar 3 matakin tsanani ce. Matakan suna tashi daga 0, mafi muni, zuwa 7. Irin wannan saƙo sau ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Idan kuwa ya maimaitu sau goma a awa ɗaya, layin ya shiga ɗaukewa yana dawowa, kuma ɓarnarsa ta wuce daƙiƙun da ya yi a kashe. Duk sanda layin da ke tsakanin suwic biyu ya dawo, sai sun sake tantance hanya don gudun saƙo ya riƙa zagaye. A tsohon tsarin STP wannan yana cin kusan daƙiƙa 30. Ɗaukewar daƙiƙa takwas ta zama katsewar fiye da rabin minti.

Lokacin da ke jikin saƙonnin shi ke bayyana musabbabi. Kafa ɗaya tana ɗaukewa ba tsari, ga kurakurai suna hawa a kanta, wannan matsalar kebul ce ko mahaɗa. Kafofi da dama sun ɗauke a daƙiƙa guda, daidai lokacin da aka koma kan janareta, wannan matsalar wuta ce, sai a duba batirin UPS na na'urorin da ke can ƙarshen layukan. Wannan karatu ba zai yiwu ba sai an cika sharaɗi biyu. Dole a riƙa tura saƙonnin zuwa wata kwamfuta daban, domin waɗanda suwic ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa sukan goge in ya mutu ya tashi. Dole kuma agogon duk na'urorin ya daidaita ta hanyar NTP, in ba haka ba ba za a san wanda ya fara faɗuwa ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan tsari shi ne yawan gargaɗi. Kafar da ke zuwa kwamfutar ma'aikaci za ta sauka duk yamma in ya tashi aiki. In kowane irin wannan zai buga wayar injiniya, ba da jimawa ba zai daina dubawa. Don haka a taƙaita ƙararrawa ga layukan da ke tsakanin suwic da suwic, da masu zuwa manyan kwamfutocin ajiya, a kuma sa musu ƙa'ida bayyananna: kurakurai sun ƙaru a karatu uku a jere, ko layi ya ɗauke fiye da sau uku cikin minti goma. Kowace ma'aikata za ta gyara waɗannan alƙaluma daidai da halin layukanta.

Akwai kuma batun tsaro. SNMPv2c yana aika kalmar sirrinsa a fili, kuma na'urori da yawa sun saba zuwa da public a matsayin kalmar. A yi amfani da SNMPv3 mai ɓoye saƙo, a ba manhajar sa ido izinin karatu kawai, sannan a umarci suwic kada ya amsa tambayar kowa sai ta wannan kwamfuta ɗaya.