Ja-ja a cikin nama: yaushe ne ɗanye, yaushe ne ya dahu?

Yawancinmu da ido muke auna dahuwar nama. A tsaga cinyar kaza, in an ga ja-ja kusa da ƙashi a mayar da ita wuta, in an ga fari fat a ce bisimilla. Wannan awo yana yin daidai sau da yawa, shi ya sa ya daɗe a hannun mutane, amma yana kuskure ta fuska biyu. Akwai kazar da ta dahu sarai tana nan da ja-jarta, akwai kuma naman da ya canja launi gaba ɗaya alhali zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta bai ratsa shi ba. Kuskuren farko asarar daɗi kawai yake jawowa, don za a yi ta gasa kaza har ta bushe. Na biyun shi ne mai kai mutum asibiti.

Jan da ke cikin tsoka ba jini ba ne. Dabbar da aka yanka yawancin jininta ya tsiyaye tun a wurin yanka. Abin da ke ba tsoka launi wani sinadari ne da ake kira mayogulobin, wanda aikinsa riƙe iskar da tsoka ke buƙata yayin da dabba ke motsi. Jan ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin nama a faranti ruwan tsoka ne da ya gauraya da wannan sinadari. Tsokar da ke aiki kullum ta fi yawansa. Don haka naman sa ya fi na kaza ja nesa ba kusa ba, kuma a jikin kaza ɗaya cinyar da take yawo da ita ta fi ƙirji duhu. Idan zafi ya kai digiri 60 zuwa 70 da wani abu a ma'aunin Salsiyas, mayogulobin yana lalacewa, jan ya koma toka-toka ko ruwan ƙasa. Ƙwayoyin cuta ma a wannan tsakanin suke mutuwa. Wannan haɗuwa ce ta sa ido ya zama ma'auni. Sai dai abubuwa biyu ne daban da suka yi kusa da juna, kuma akwai dalilai da dama da ke raba su.

Mu ɗauki gasasshiyar kaza, irin wadda ake saye da daddare a bakin titi, domin a nan ne gardamar ta fi tashi. Kazar Hausa ba ta cika jawo wannan magana ba: tsohuwa ce, ƙashinta ya yi ƙwari, kuma sai an sulala ta sosai kafin ta taunu. Kazar gidan gona kuwa a sati shida zuwa takwas ake yanka ta. Jikinta ya cika, amma ƙashinta bai gama ƙwari ba, yana da ƙananan kafofi. Da zafi ya taɓa shi, sai launin ɓargo ya tsattsafo ta waɗannan kafofi ya rina naman da ke manne da ƙashin. In kazar ta taɓa kwana a firiza abin ya fi yawa, domin ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin ɓargon, narkewa kuma ta saki abin da ke ciki. Wannan tabo mai duhu, ja-ja ko ma kusan baƙi, ba ya gushewa ko an ƙara rabin awa a kan wuta. Ana iya ƙona fatar ƙurmus, tabon yana nan.

Dalili na biyu hayaƙi ne. Wutar gawayi da ta itace suna fitar da wasu iskoki da ke shiga nama su manne wa mayogulobin tun kafin zafi ya lalata shi, sai su kafe launin a ruwan hoda. Shi ya sa kazar da aka gasa a hankali a kan tukuba takan fito da wani zobe ja-ja a ƙarƙashin fata, kaurinsa bai cika wuce santimita ɗaya ba, alhali tsakiyarta fara ce. Wannan launi ɗan'uwan wanda ake gani ne a naman gwangwani, wanda aka dafa tun a masana'anta amma har gobe ja yake, saboda gishirin naitirait da aka saka masa. Na uku kuma ya shafi duk abin da ke rage tsamin nama. Naman da aka jiƙa da bakar hoda ta burodi ko aka saka wa kanwa don ya yi laushi, mayogulobin ɗinsa yakan ƙara jure zafi, sai ya daɗe bai saki jansa ba.

To, yaya mai saye zai bambance? Abin tambaya shi ne a ina jan yake, kuma yaya naman yake a wurin. Zafi daga waje yake shiga, saboda haka ɗanyantaka kullum a wuri mafi kauri take ɓuya: tsakiyar ƙirji, da cikin gaɓar da ta haɗa cinya da gangar jiki. Jan da ke kewaye ta waje, tsakiya kuma fara, na hayaƙi ne. Tabon da ke bin layin ƙashi, naman da ke gefensa kuma ya dahu, na ɓargo ne. Amma in jan yana tsakiyar tsoka mai kauri, sai a duba da kyau. Ɗanyen naman kaza yana sheƙi, yana da santsi, kamar haske na ratsa shi, in an ja shi yana miƙewa ya ƙi rabuwa, kuma yana riƙe ƙashi gam. Dafaffe ba ya sheƙi, yana tsagewa zare-zare, yana barin ƙashi ba gardama, tururi kuma na tashi daga can ciki. Nama mai ja-ja da ke tsagewa zare-zare ya fi zama abin amincewa a kan fari mai santsi.

Kazar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda babu wanda zai yi ƙorafi a kanta. An ciro ta daga firiza ba ta gama narkewa ba, masu saye sun yi layi, mai gashi ya ƙara wuta. Cikin mintuna kaɗan fata ta yi jawur, mai na ɗiga, yaji ya rufe komai, ga dare. Can cikin gaɓar cinya kuwa ko ɗumi bai gama kaiwa ba. Irin wannan ce ke sa ciwon ciki, kuma ba a cika gano ta ba, domin ƙwayar Kamfilobakta, wadda ta fi yawa a kaji, takan ɗauki kwana biyu zuwa biyar kafin gudawa da zazzaɓi su fara. Lokacin an manta da kazar, sai a ɗora wa abincin jiya laifi.

Awon da ba ya ruɗi shi ne na zafi. Ma'aikatar noma ta Amurka ta tsayar da digiri 74 ga kaza da duk naman tsuntsu, digiri 71 ga niƙaƙƙen naman sa, sannan digiri 63 ga dunƙulen naman sa, tare da barinsa ya huta minti uku bayan an sauke. Ana aunawa da ma'aunin zafi mai tsinke, a soka shi a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Kazar da ta kai 74 ta dahu ko da tana da ja-ja. Ba kowane gida ke da wannan ma'auni ba, amma mai sana'ar gashi da mai dafa abincin biki ya kamata su mallake shi. Wanda ba shi da shi, dabararsa ita ce ya bar kaza ta narke gaba ɗaya, ya buɗe ta ya shimfiɗa, ya tsattsaga cinya har ƙashi, ya gasa a wuta mai sauƙi. Tsohuwar al'adarmu ta sulala nama kafin a soya ko a gasa ta riga ta magance rabin matsalar.

Me ya sa aka sassauta wa naman sa aka tsananta wa kaza? Ba don launinsu ba ne, don wurin da ƙwayoyin cuta ke zama ne. A jikin lafiyayyen sa, cikin tsoka kusan babu ƙwayar bakteriya. Abin da ke gurɓata shi daga waje yake zuwa: fata, kayan ciki, wuƙar mahauci, tebur, ƙuda. Da wuta ta lashe saman dunƙulen ta kowane gefe, yawancin haɗarin ya tafi, shi ya sa Turawa ke cin gasasshen naman sa tsakiyarsa na ja. A digiri 63 ma naman sa yana nan da ragowar ja, saboda yawan mayogulobin ɗinsa. Kaza ba haka take ba. Salmonela da Kamfilobakta suna zaune a hanjinta ko da lafiyarta ƙalau, ita kuma ƙarama ce, da fatarta ake ci. Ana tsoma ta a ruwan zafin da aka tsoma wasu, a fige, a fasa ciki, a wanke a ruwa ɗaya. Ƙwayoyin sai su shiga ramukan gashi, ƙarƙashin fata, cikin kogon ciki da gaɓoɓi, har da cikin hanta. Ba ta da wani waje guda da za a ƙona a ce an gama.

Wannan sassauci na naman sa yana da iyaka, kuma iyakar ta fi shafarmu. Da zarar an niƙa nama, waje ya koma ciki. A shekarar 1993 a yammacin Amurka, ɗaruruwan mutane sun kamu da wani mugun nau'in ƙwayar Ikolai daga niƙaƙƙen naman sa da bai dahu ba a wasu gidajen abinci, yara huɗu suka mutu. Niƙaƙƙen nama kuma shi ne ya fi ruɗin ido, domin wanda ya sha iska sosai ko ya daɗe a ajiye yakan koma ruwan ƙasa tun bai kai digiri 71 ba. Ma'aikatar noman da aka ambata tana gargaɗin cewa kusan ɗaya cikin kowane curi huɗu na irin wannan nama yana canja launi kafin ya dahu. Mai cura nama ta soya, ko mai cusa shi ɗanye a cikin ƙullu, ita wannan ya shafa. Haka naman da aka sossoke da cokali mai yatsu don kayan ƙamshi su shiga, an tura masa ƙazantar waje ciki.

Sai kuma tsila, tsutsar cikin nan mai faɗi. 'Ya'yanta a cikin tsokar sa suke kwanciya, farare ƙanana, ba a samanta ba, don haka lasar wuta ba ta isa gare su. A inda likitan dabbobi ke duba kowane sa a mayanka, haɗarin ya ragu ƙwarai. Naman da aka yanka a bayan gida ko a kasuwar ƙauye ba wanda ya duba shi, bai kamata a kwaikwayi Turawa da shi ba. Haka ma mai ciki, ƙaramin yaro, tsoho da majinyaci, a ba su wanda ya dahu har tsakiya, na sa ne ko na rago. Tsire da ake yanka siriri zafi na ratsa shi nan da nan. Balangu mai kauri da aka cire daga wuta da gaggawa shi ne ya cancanci a tsaga a duba kafin a naɗe a takarda.