Yadda ake rufe waƙa: dusashewa, sassautawa ko dogon amo

A shekarar 1918 aka fara gabatar da kiɗan The Planets na Gustav Holst a birnin Landan. A ɓangarensa na ƙarshe, Holst ya so muryoyin mata su yi ta nisa har kunne ya daina jin su. A dandali babu maɓallin rage sauti da za a murɗa, sai ya umarci a ajiye mawaƙan a wani ɗaki na gefe, su yi ta maimaita gaɓar ƙarshe, wani kuma yana tura ƙofa a hankali har ta rufe. Abin da ya sha wa wahala da ƙofa, yau yaro a situdiyon Kano yana yin sa cikin daƙiƙa biyu, ya ja layi ɗaya a kwamfuta. Wannan sauƙin ne ya sa waƙoƙi da yawa ba a rufe su, ana dai kashe su ne idan baitoci sun ƙare.

Hanyoyi uku aka fi bi wajen rufe waƙa: a bar ta ta dusashe, ko a sassauta saurin kiɗan har ya tsaya (abin da littattafan kiɗa ke kira ritadando), ko a dira kan amo ɗaya a riƙe shi. A ganina, dole mawaƙi da makaɗi su zaɓi ɗaya tun kafin a ɗauki murya, domin kowace hanya tana da abin da take buƙata a shirya mata tun farko.

Dusashewa tana dacewa da waƙar da amshinta ke zagayawa, irin wadda mai sauraro zai ci gaba da rerawa a ransa bayan an kashe rediyo. Mu ɗauki waƙa mai bugu 100 a minti, kowace gaɓa bugu huɗu. Bugu ɗaya yana cin daƙiƙa 0.6, gaɓa tana cin 2.4, amshi mai gaɓa takwas kuwa daƙiƙa 19.2. Mai hankali zai bar amshin ƙarshe ya fita da cikakken ƙarfinsa, sannan ya fara rage sauti daidai bugun farko na maimaicinsa, ya ƙare inda maimaicin ya ƙare. Idan aka fara ragewa a tsakiyar kalma, ko aka ƙarasa cikin daƙiƙa huɗu, mai sauraro zai ɗauka an ɗauke wuta ne. Wannan kuma yana nufin sai an ɗauki amshi ɗaya na ƙari, har da ɗan sarara a bayansa, don kada a ji ’yan amshi sun yi shiru kafin sautin ya ɓace.

Akwai wani tarko a siffar layin da ake ja. Kunne ba ya auna sauti yadda kwamfuta ke aunawa. Idan aka raba girman sauti biyu, disibel 6 kacal ya ragu, alhali sai an rage kusan disibel 10 kafin mutum ya ce ƙarar ta koma rabi. Saboda haka, layin da ke rage girman sauti a miƙe yakan yaudari mai aiki: a misalinmu, bayan daƙiƙa 9.6 waƙar tana nan kusan da ƙarfinta, sai a daƙiƙun ƙarshe ta faɗi kwatsam. Maganinsa shi ne layi mai lanƙwasa, wanda ke sauka da ɗan sauri da farko sannan ya ja dogon wutsiya. Haka nan, a yi dusashewar a matakin ƙarshe, bayan na’urar da ke danne sauti don ya yi kauri. In aka sa ta kafin na’urar, kana ragewa tana sakin abin da ta danne, ƙarar ta ƙi sauka a kan lokaci. Kuma a gwada a lasifikar waya, tunda a nan yawancin jama’a za su ji waƙar: a cikin hayaniyar kasuwa ko a-daidaita-sahu, ƙarshen dusashewa yana ɓacewa da wuri, ganga mai kauri ce ma take fara tafiya.

Sassautawa ita ce ta fi kusa da numfashin ɗan Adam, shi ya sa take kyau ga waƙar juyayi da ta bege. A waƙarmu mai bugu 100, ana iya ɗaukar gaɓa biyu na ƙarshe a sauko da su sannu a hankali zuwa wajen 60, inda bugu ɗaya zai kai daƙiƙa guda cur. Kada saukar ta zama daidai wa daida: a soma da kaɗan, a ƙara jan ƙafa a bugu uku na ƙarshe, kamar direban da ya iya taka birki a bakin tasha. Makaɗan da ke tare a fili suna yin haka da kallon jagora. A situdiyo kuwa, inda ganga da fiyano ke bin agogon kwamfuta, sai an tsara saukar a manhaja kafin mawaƙi ya shiga ɗakin ɗauka. In an ɗauki murya a sauri ɗaya sannan aka zo ana jan ta, za a ji ta tana rawa, ko ta riga ganga isa.

Dogon amo shi ne a buga sautuka uku ko fiye tare, a riƙe. Idan waƙar a kan C take, yawanci akan ratsa ta G sannan a dira kan C, E da G, domin a nan kunne yake jin an iso gida. Mashahurin misali shi ne ƙarshen A Day in the Life ta ƙungiyar The Beatles a 1967. Mutane da dama suka buga amo ɗaya tare a kan fiyano uku, injiniya kuma yana ƙara buɗe sauti yayin da amon ke mutuwa, har ya kai kimanin daƙiƙa 40. Wanda ya kasa kunne zai ji ƙarar kujera da motsin takarda a ƙarshensa. Darasin da ke ciki a fili yake: amo yana buƙatar shiru a ɗaki da kuma wuri a faifai. Laifin da na fi ji a waƙoƙinmu shi ne yanke wutsiya. An buga amon da kyau, amsa-kuwwa tana cikin tafiya, sai aka fitar da waƙar daidai layin gaɓar ƙarshe, aka ji wani ɗan ƙas. A ƙara gaɓa biyu ko uku na banza a bayan amon kafin a fitar, sannan a sa belun kunne a saurara har shiru ya tabbata.

Waƙar da za a rera a biki ko a dandali tana buƙatar ƙarshe na gaske, domin makaɗa ba za su iya dusashewa a gaban jama’a ba, kuma ’yan kallo suna son sanin inda za su yi tafi. Duk mawaƙin da ya san zai hau dandali da waƙarsa, ya tsara mata sassautawa ko dogon amo tun ranar da ya rubuta amshi, ko da a faifai dusashewa zai yi.