Izinin Mai Hoto da Iyakar Umarnin da Ake Bai Wa Na'ura

A yau akwai manhajojin da ake ba su hoton mutum tare da rubutaccen umarni, su kuwa su ƙago sabon hoto mai kama da shi. Abin lura a nan shi ne, yardar da mutum ya yi a ɗauke shi hoto dabam take da yardar a sarrafa kamanninsa.

Alal misali, a ce wani ɗalibi ya ɗauki hoton wani mahayi a hawan Sallar Gani a Daura, yana so ya fitar da zane domin bangon mujallar makarantarsu. Fitowar mahayin bainar jama'a ba ta ba ɗalibin wannan dama ba. Wajibi ne ya same shi, ya bayyana masa abubuwa uku: irin zanen da za a yi, inda za a buga shi, da kuma cewa hoton zai shiga rumbun kamfanin da ke da manhajar. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, ta shekarar 2023, ta tanadi cewa shiru ba izini ba ne, kuma mai izini yana da ikon janye shi. Idan mahayin bai kai shekara 18 ba, izinin iyaye ko waliyyi ake nema. Ya fi kyau a rubuta yarjejeniyar, domin magana zarar bunu ce.

To, ko da an sami izinin, umarnin yana da iyaka. Kada a nemi na'ura ta nuna mutum yana aikata abin da bai aikata ba, ko a tuɓe masa sutura, ko a sa shi a taron wata jam'iyya. Haka kuma kada a naɗa masa rawani mai kunne biyu, ko a riƙa masa sandar sarauta, alhali ba shi da gadonsu, gama a masarauta irin Daura waɗannan shaidar matsayi ne, ba ado ba. A shekarar 2023 hoton jabu na Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi, wanda aka ƙirƙira da Midjourney, ya ruɗi jama'a da dama. Na mahayin ma zai iya yin haka.

Idan mahayin ya ƙi, sai ɗalibin ya ajiye hoton, ya siffanta abin da yake so da kalmomi: doki da kayan hawa, alkyabba, ƙofar fada, ba suna, ba fuskar kowa. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne. In maƙwabcin mahayin ya dubi zanen ya kira sunansa, to har yanzu hotonsa ne, kuma izininsa na nan a wuyan ɗalibin.