Yadda Ake Gwada Sanarwar Manhaja Kafin Ta Isa Wayar Jama'a

Sanarwar da ke faɗowa a fuskar waya, kamar wadda ke cewa kuɗi sun shigo ko kaya sun iso, ba kai tsaye take fitowa daga kamfanin da ya mallaki manhajar ba. Sai ta bi ta hannun ɗan aike. A wayoyin iPhone ɗan aiken shi ne tsarin Apple da ake kira APNs, a yawancin wayoyin Android kuma tsarin Google ne mai suna FCM. Duk lokacin da aka saka manhaja a waya, ɗan aiken yakan ba ta wata doguwar lamba wadda ke zama adireshinta. Manhajar ta miƙa lambar ga sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan masu amfani da ita. Idan aka tashi aika saƙo, sabar ta haɗa shi da lambar ta ba ɗan aike, shi kuma ya nemo wayar. Zango uku ke nan, kuma saƙo na iya maƙalewa a kowanne ba tare da an ji ko motsi ba.

Saboda kada gwaji ya faɗa wayar mutane, Apple ya raba hanyar gida biyu. Akwai filin gwaji, akwai kuma hanyar gaske, kowace da adireshinta:

```
api.sandbox.push.apple.com
api.push.apple.com
```

Lambar da waya ta samu a filin gwaji ba ta aiki a hanyar gaske, haka ma ta gaske ba ta aiki a filin gwaji. Mabuɗin da saba ke nunawa don a yarda da ita ma yana da iyaka: akwai takardar shaida da aka yi domin gwaji kaɗai, akwai kuma fayil mai ƙarewa da .p8 wanda ake sa hannu da shi a kan izini na ɗan lokaci, izinin da ke mutuwa bayan sa'a ɗaya. Google bai ware irin wannan fili ba. Abin da masu aikin ke yi shi ne buɗe aiki biyu a Firebase, ɗaya na gwaji ɗaya na jama'a, kowanne da mabuɗinsa. Wannan rabuwa ita ce katangar da ke hana saƙon "gwaji ne" tashin dubban mutane da tsakar dare, don haka bai dace mabuɗin gaske ya zauna a kwamfutar da ake gwaji da ita ba.

A ɗauki misalin manhajar wani shago mai kai kaya gida. Mai rubuta manhajar ya ɗora ta a iPhone ɗinsa daga Xcode, ya aika "kayanka sun iso", sanarwar ta faɗo nan take. Da ya ga haka sai ya tura manhajar ga abokan aikinsa ta TestFlight, amma ko mutum ɗaya bai ga komai ba. Wanda ba ya ajiye rajista zai ɓata yini yana zargin intanet ko wayoyin. Wanda ke ajiyewa zai ga layi irin wannan:

```
status=400 reason=BadDeviceToken host=api.sandbox.push.apple.com
```

Layin ya faɗi komai. Manhajar da aka ɗora daga Xcode a filin gwaji take, wadda ta bi ta TestFlight kuwa a hanyar gaske take, duk da cewa sunanta na gwaji ne. Sabar ta ɗauki lambobin gaske ta kai su ƙofar gwaji, ƙofar ta ce ba ta san su ba. Gyaran shi ne a riƙa ajiye kowace lamba tare da alamar inda ta fito, sabar ta zaɓi adireshin da ya dace da ita. Wannan kuskure yana cikin waɗanda suka fi kama sababbin shiga.

Akwai wata amsar da ba ta nuna laifin kowa. Idan Apple ya mayar da 410, ko Google ya ce UNREGISTERED, ma'anarsa lambar ta mutu, galibi don an cire manhajar daga wayar. Sai a share ta daga rumbu a daina aika mata.

Amsar da ta fi yaudara ita ce mai daɗin ji, wato 200. Abin da take nufi kawai shi ne ɗan aike ya karɓi saƙon, kamar yadda direban mota a tasha ke karɓar wasiƙa. Karɓa daban, isarwa daban. Idan wayar a kashe take, APNs yakan riƙe sanarwa ɗaya tak ta ƙarshe ga kowace manhaja, na baya su bi ruwa. FCM na iya riƙe saƙo har kwana 28 idan ba a rage wa'adin ba, abin da ke sa lambar sirri ta shiga asusu ta iso bayan amfaninta ya wuce. Shi ya sa rajista mai kyau take da ɓangare biyu: abin da sabar ta aika da amsar da ta samu, sai kuma abin da manhajar ta rubuta lokacin da saƙon ya sauka, a haɗa su da lamba ɗaya. A shekarar 2023 Apple ya fito da shafin Push Notifications Console, inda ake bin sawun saƙon gwaji har kwana 7 ta amfani da lambar apns-unique-id da ke dawowa tare da amsa. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: rajista ba wurin ajiye abin da saƙon mutane ya ƙunsa ba ce, lamba da lokaci da amsa sun wadatar.

Saura wayar kanta, inda mafi yawan saƙonni ke ɓacewa. Wayar kwaikwayo da ke cikin kwamfuta tana nuna yadda sanarwa za ta fito, amma ba ta san ƙarancin caji ko raunin sabis ba. Tun daga Android 8 dole kowace sanarwa ta kasance a ƙarƙashin wani rukuni da mai waya zai iya rufewa, daga Android 13 kuma, wanda ya fito a 2022, sai mai waya ya ba da izini kafin a nuna masa komai. Sannan akwai barcin da waya ke shiga idan an daɗe ba a taɓa ta ba, wanda ke jinkirta saƙonnin da ba na gaggawa ba. Ba sai an jira ba, ana iya tilasta mata barcin da wannan umarni:

```
adb shell dumpsys deviceidle force-idle
```

Wasu masu ƙera waya suna ƙara nasu tsarin tattalin batir a kan na Android, wanda kan tsayar da manhaja gaba ɗaya, kuma manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar sanarwa sai an sake buɗe ta. Don haka wanda ke yi wa mutanen Kano ko Maradi manhaja, bai gama gwaji ba idan bai sa Tecno, Infinix ko itel cikin wayoyin gwajinsa ba, tun da su ne a hannun jama'a. A kowace waya ana aika saƙon sau huɗu: manhaja a buɗe, manhaja a bayan fage, bayan an share ta daga jerin waɗanda ke aiki, sai kuma bayan an kashe data na ɗan lokaci an kunna. A kowane hali ana duba ko sanarwar ta fito, da tsawon lokacin da ta ɗauka, da kuma ko taɓa ta ya buɗe shafin kayan da ake magana a kai.