Yadda Elizabeth Blackwell ta samu gurbin karatun likita

A shekarar 1847 wata malamar makaranta mai shekara 26 ta sauka a birnin Philadelphia na ƙasar Amurka, da 'yan kuɗin da ta tara daga koyar da kiɗa. Sunanta Elizabeth Blackwell. Abin da ya kawo ta shi ne neman gurbi a makarantar koyon aikin likita, a lokacin da babu wata makarantar likitoci a ƙasar da ta taɓa ba mace shaidar kammala karatu. Philadelphia ce cibiyar ilimin likita a Amurka a wancan zamani, don haka ta fara da manyan malamanta, tana bin su gida gida.

Abin mamaki, ba ta taso da sha'awar aikin ba. An haife ta a Bristol ta Ingila a ranar 3 ga Fabrairun 1821. Mahaifinta mai sana'ar tace sukari ne, ya kwashe iyalinsa zuwa New York a 1832, sannan Cincinnati a 1838, inda ya rasu ba da daɗewa da isarsu ba, bai bar musu komai ba sai bashi. Elizabeth da yayyenta mata suka buɗe makaranta domin a samu na abinci. Tarihi da falsafa take so. Maganar jiki da ciwo kuwa ƙyanƙyami take ba ta.

Wata ƙawarta da ke kwance cikin ciwon ajali ce ta juya mata tunani. Matar ta gaya mata cewa da likitan da ke duba ta mace ce, da an rage mata mafi munin abin da ta sha. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushiya. Duk wanda ya san yadda wata mace ke danne ciwon mara ko na nono wata da watanni, don kunyar buɗe jikinta a gaban namiji, ya san abin da mara lafiyar take nufi.

Kafin ta aika takardar neman gurbi ko ɗaya, Elizabeth ta yi shekara biyu tana shiri, kuma wannan shi ne ɓangaren labarin da aka fi tsallakewa. Abu biyu ta rasa, kuɗi da ilimin farko. A 1845 ta karɓi koyar da kiɗa a Asheville ta jihar North Carolina, ta sauka a gidan wani limamin coci, John Dickson, wanda ya taɓa yin aikin likita, ya kuma buɗe mata ɗakin littattafansa. Daga nan ta koma Charleston wajen ɗan'uwansa, Dakta Samuel Henry Dickson, sanannen malamin likitoci, tana koyarwa da rana tana karatu a lokacin da ya rage. Da ta isa Philadelphia ma ba ta zauna jiran amsa ba. Ta shiga darasin sanin sassan jikin ɗan Adam a wajen Dakta Jonathan Allen, tana koyon fiɗa da hannunta, abin da a da ko kallonsa ba ta iya yi.

Amsoshin da ta samu a Philadelphia da New York duk a'a ne, sai dai kowace da irin rigarta. Wani ya yi mata dariya. Wani ya ce kwanyar mace ba za ta ɗauki karatun ba. Wani kuma tsoronsa akasin haka ne, kada ta iya, mata marasa lafiya su bar likitoci maza su koma wajenta. Masu ƙaunarta ma shawarar da suka ba ta ta fi ƙin amincewar ciwo: ta tafi Paris, ko ta sa kayan maza ta saje da ɗalibai ta yi karatun a ɓoye. Ta ƙi. Dalilinta a bayyane yake. Ba ilimin kaɗai take nema ba, so take a ba ta shaida da sunanta na mace, a bainar jama'a, ta yadda wata za ta iya biyo bayanta. Ilimin da aka sato cikin wandon maza ba zai buɗe wa kowa hanya ba.

Masu rubuta tarihinta da yawa sun ƙirga makarantu 29 da suka juya mata baya. Amma abin lura shi ne yadda ta sauya dabara a tsakiya. Da ta ga manyan makarantun birni sun rufe, sai ta samo jerin ƙananan makarantun da ke garuruwan arewacin ƙasar, ta bincika takardun bayaninsu, ta tsamo goma sha biyu da ta ga karatunsu yana da inganci, ta aika musu duka. Sannan ba ta tafi hannu rabbana ba. Dakta Joseph Warrington, likita mai daraja a Philadelphia, wanda da farko shi ma ya so ya karya mata gwiwa, ya ga da gaske take, ya rubuta wasiƙar goyon baya.

Wasiƙar nan ce ta sa malaman Kwalejin Likitoci ta Geneva, wani ƙaramin gari a yammacin jihar New York, cikin tsaka mai wuya. Ba sa son mace a ajinsu, ba sa kuma son su watsa wa babban likita ƙasa a ido. Sai suka nemi wanda zai ɗauki laifin a madadinsu. Shugaban malaman, Dakta Charles Lee, ya shiga aji ya karanta wa ɗalibai wasiƙar, ya ce su za su yanke hukunci, da sharaɗin cewa ko mutum ɗaya ya ƙi, magana ta mutu. Ɗaliban sun kai wajen 150, duka maza, akasari samarin karkara da suka yi suna wajen hayaniya. Malaman sun sakankance cewa a cikin wannan taro ba za a rasa mai cewa a'a ba.

Lissafin bai fita ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Stephen Smith, wanda daga baya ya zama babban likita a New York, ya ba da labarin taron shekaru da yawa bayan haka. Samarin sun ɗauki abin wasa ne, wasu ma suna zaton wata makarantar ce ta shirya musu tsiya. Aka yi ta jawabai na shaƙiyanci, aka zo ƙuri'a, ɗakin ya ɗauka da ihun amincewa. Mutum ɗaya da ya ɗaga murya daga lungu ya ce bai yarda ba, sai da 'yan'uwansa suka yi masa caa har ya janye. A ranar 20 ga Oktoban 1847 aka rubuta matsayar ajin, cewa suna gayyatarta, kuma sun yi alkawarin ba za su yi abin da zai sa ta yi nadamar zuwa ba. Malaman da suka haƙa ramin ba su da yadda za su yi, suka haɗa da wasiƙarsu suka aika mata.

Za a iya cewa sa'a ce, kuma akwai sa'a a ciki. Amma da ta tsaya a makarantun Philadelphia, takardarta ba za ta taɓa isa Geneva ba. Da ba ta shawo kan Warrington ba, da malaman sun ƙi ta kai tsaye kamar sauran, ba tare da an tara ɗalibi ko ɗaya ba. Hakkinta ne a ambaci waɗannan kafin a ambaci ihun samari.

Ta isa Geneva a ranar 6 ga Nuwamba, karatu ya riga ya yi nisa da makonni. Ba ta san yadda aka yi aka ɗauke ta ba sai daga baya. A gari, matan likitoci suka ƙi kula ta, mutane na tsayawa a titi suna bin ta da kallo, wasu na cewa mahaukaciya ce, wasu na cewa mutuniyar banza ce. A aji kuwa abin ya zo da sauƙin da ba a zata ba, domin shigarta ta sa masu hayaniyar nan suka natsu har ana jin abin da malami ke faɗa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne daga malamin da ya fi kowa goyon bayanta, Dakta James Webster, mai koyar da sassan jiki. Da aka zo darasin gaɓoɓin haihuwa, ya roƙe ta ta zauna a gida. Ta rubuta masa takarda cikin ladabi, ta nuna masa cewa ɗaliba ce kamar kowa, kuma likitan da bai san wannan ɓangare ba bai cika likita ba, balle wadda ta zo domin mata. Webster ya karanta wa ajin, aka amince ta zauna. Ta halarci darussan duka.

Karatun likita a lokacin gajere ne ƙwarai: zango biyu, kowanne wata huɗu, kuma kusan darussa ɗaya ake maimaitawa. Sanin aiki sai ɗalibi ya nemo wa kansa. Don haka a hutun 1848 ta koma Philadelphia ta nemi izinin aiki a Blockley, gidan marasa galihu da asibitinsa, inda matasan likitoci ke fita daga ɗaki idan ta shigo, har suka daina rubuta bayanin ciwo a jikin gadaje don kada ta amfana. A wannan lokaci 'yan gudun yunwa daga ƙasar Ireland ke sauka daga jiragen ruwa ɗauke da zazzaɓin taifus, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa, ko da yake a lokacin ba a gano haka ba tukuna. A kan wannan cuta ta rubuta kundin kammala karatunta, ta fi mayar da hankali kan tsafta da iska mai kyau, aka kuma buga shi a mujallar likitoci ta Buffalo.

A ranar 23 ga Janairun 1849, a cocin garin da ya cika maƙil da matan da a da ke kauce mata a hanya, aka miƙa mata shaidar digirin likita. Ita ce ta zo ta ɗaya a ajin.

Shaidar ba ta kawo ƙarshen neman gurbi ba. A Paris, asibitin haihuwa na La Maternité ya karɓe ta ne a matsayin mai koyon ungozoma, ba likita ba. A can, a watan Nuwamban 1849, tana wanke idon wani jariri mai ciwon ido sai ruwan ya fantsar mata, cutar ta kama ta, ta rasa idonta na hagu, burinta na zama likitar tiyata ya tafi da shi. Da ta dawo New York a 1851 ta nemi aiki a sashen mata na wani asibiti, aka hana ta.

Ƙanwarta Emily ma da ta biyo sahu, Geneva ɗin da ta yaye yayarta ta ƙi ɗaukarta, haka wasu makarantu da dama. Kwalejin Rush ta Chicago ta karɓe ta shekara guda, sannan ta sallame ta saboda matsin lambar ƙungiyar likitocin jihar. Sai a Cleveland ta kammala a 1854. A 1857 'yan'uwan biyu tare da Dakta Marie Zakrzewska suka buɗe asibitin mata da yara marasa galihu a New York, likitocinsa mata, kuma a 1868 suka haɗa masa kwalejin koyar da mata aikin likita mai karatun shekara uku.