Inda batir da dayod suke daidaitawa: layin lodi da lissafin maimaici

Duk wanda ya buɗe cajar waya ko tsohuwar rediyo ya ga dayod: ɗan ƙaramin abu mai ƙafa biyu da zobe a gefe ɗaya, wanda yake barin wuta ta wuce ta fuska guda kawai. Masu gyara sun haddace cewa dayod na silikon yana cin bolt 0.7. Maganar tana da amfani, amma ƙiyasi ce. Abin da dayod yake ci ya danganta da yawan wutar da ke ratsa shi, ita kuma wutar ta danganta da abin da ya ci. To, ta ina za a fara lissafi?

Mu ɗauki da'ira mafi sauƙi. Batir biyu na tocila a jere, bolt 3 ke nan, sai rizista mai om 470, sai dayod, duk a kan waya ɗaya. Tambayoyinmu biyu ne: wuta nawa ke gudana, kuma bolt nawa ke kan dayod ɗin?

Batir da rizista suna da ƙa'idarsu. Abin da dayod bai ci ba daga bolt 3, rizista ce za ta ɗauka, dokar Ohm kuma ta ba mu yawan wutar:

```
I = (3 − V) / 470
```

A nan V shi ne boltejin da ke kan dayod, I kuma wutar da ke gudana. In aka zana wannan a takardar giraf, V a kwance, I a tsaye, miƙaƙƙen layi ake samu, kuma ɗigo biyu sun isa a ja shi. Da a ce dayod bai ci komai ba, wutar za ta kai miliamfiya 6.38. Da a ce ya cinye bolt 3 ɗin duka, ba wutar da za ta gudana. Layin da ya haɗa ɗigon biyu shi ne layin lodi. Ko wane irin dayod aka saka, dole matsayarsa ta faɗa wani wuri a kan layin nan.

Shi ma dayod yana da nasa hali, sai dai nasa ba miƙaƙƙe ba ne. A ƙasa da rabin bolt kusan ba ya barin komai ya wuce, daga nan sai layinsa ya lanƙwasa ya miƙe sama kamar bango. William Shockley na Bell Labs a Amurka ne ya fitar da lissafin wannan hali a 1949. A taƙaice, ga dayod mai bin lissafin sak, a zafin ɗaki, duk ƙarin milibolt 60 yana ninka wutar sau goma. Inda lanƙwasasshen layin dayod ya tsallaka layin lodi, nan ce matsayar aiki, domin nan kaɗai ne ɓangarorin biyu suka yarda da juna.

Zane yana nuna wa ido abin da ke faruwa: ƙara batir, layin ya matsa dama, ƙara rizista, ya kwanta. Amma kaurin fensir ma ya isa ya ɓoye milibolt ashirin. Mai son adadi sai ya koma lissafi, kuma in ya haɗa ƙa'idojin biyu, aljabarar da aka koya a sakandare ba za ta ware V ita kaɗai ba. Mafita ita ce a yi abin da ake yi wajen ciniki: wannan ya taya, wancan ya ce albarka ya faɗi nasa, har a kai farashin da ba wanda zai ƙara motsawa.

Kafin a fara, dole a ɗauki wani siffantaccen hali a ce shi ne na dayod ɗinmu. Mu ce yana cin bolt 0.65 idan wutar miliamfiya 1 ce, kuma yana bin lissafin Shockley. Da I a miliamfiya, ƙa'idarsa ita ce:

```
V = 0.65 + 0.026 × ln(I)
```

Adadin 0.026 ya fito ne daga zafi, wajen digiri 27 na salshiyos, ln kuma maɓalli ne a kalkuletar ɗalibai.

Mu taya da bolt 0.7. Rizista ta ɗauki 2.3, wutar ta zama miliamfiya 4.89. Mu kai wa dayod wannan adadi, ya ce shi a wannan wuta bolt 0.691 yake ci. Mu dawo wa rizista da 0.691, wutar ta zama 4.91. Mu sake kai wa dayod, ya sake cewa 0.691. An sallama. Matsayar aiki ita ce bolt 0.691 da miliamfiya 4.91, a zagaye biyu kacal.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne cewa fuskar da aka bi tana da muhimmanci. Gwada juya tsarin: ka ba dayod bolt 0.7 ka tambaye shi wuta. Zai ce miliamfiya 6.84. Ka kai wa rizista, ta ɗauki fiye da bolt 3.2, abin da batir ɗin ma ba shi da shi, V ya faɗi ƙasa da sifili. Dayod ya ce to babu wuta, V ya koma bolt 3, zagaye na gaba kalkuleta ta fitar da adadi mai lambobi kusan arba'in. Ƙa'idojin ba su canza ba, amma lissafi ya watse.

Dalili yana cikin zanen. A kusa da matsayar aiki, layin dayod a tsaye yake ƙyam: ga ɗan ƙaramin canji, tamkar rizista ce mai om 5.3, wato milibolt 26 a raba da miliamfiya 4.91. Rizistarmu ta ninka wannan kusan sau 90. In ka tambayi dayod bolt, kuskurenka yana raguwa kusan sau 90 a kowane zagaye. In ka tambaye shi wuta, kuskuren ninkuwa yake yi haka. Alamar da za ka gane ita ce tazarar da ke tsakanin amsoshi: in tana ƙaruwa, tsaya ka juya. Manhajar SPICE, wadda ta fito daga Jami'ar California a Berkeley a 1973, da maimaici take warware irin wannan da'ira, amma da dabarar Newton-Raphson, wadda take duba gangaren layin kafin ta ɗauki mataki na gaba.

Wani zai ce, wahalar mece ce wannan, tunda 0.7 ta ba da 4.89, maimaici ya ba da 4.91? Yana da gaskiya a wannan da'irar. Bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali rizista mai zoben zinare tana iya kaucewa da kashi 5. Amma rage wutar da ke shigowa zuwa bolt 0.75 ka gani. Ƙiyasin 0.7 zai ce miliamfiya 0.11. Maimaici kuwa zai bi ta 0.34, ya sauko 0.27, ya zauna a 0.28, dayod yana cin bolt 0.617. Ƙiyasin bai kai rabin amsar ba. Idan abin da ya rage wa rizista kaɗan ne, ɗan kuskure a kan dayod shi ke mulkin amsa.

Sai kuma iyakar shi kansa lissafin. Lambobi uku bayan ɗigo amsa ce ta dayod ɗin da muka ɗauka a takarda. Na hannunka yana iya bambanta: dayod biyu masu lamba ɗaya ba sa cin bolt daidai da juna, kuma a wasu sai an ninka 0.026 ɗin kusan sau biyu kafin lissafi ya dace da awo. Zafi ma yana taɓa shi, domin kowane ƙarin digiri ɗaya yana rage wajen milibolt 2. In akwatin na'ura ya ƙara zafi da digiri 20, milibolt 40 sun tafi: a da'irar bolt 3 wutar ba za ta ƙaru da kashi 2 cikin ɗari ba, a ta 0.75 kuwa za ta ƙaru da wajen rubu'i. Don haka in mita ta saɓa wa takarda, ka auna bolt ɗin da ke kan rizista, ka raba da ƙimarta ka sami ainihin wutar, ka auna na kan dayod, sannan ka maye gurbin 0.65 da miliamfiya 1 da waɗannan adadi biyu, wato ka raba I da wutar da ka auna kafin ka danna ln, ka sake zagayen.