Jiƙon Ruwa da Jiƙon Etanol: Lissafin da ke Cikin Kwalbar Magani

Wanda ya tashi a ƙasar Kebbe ko Tambuwal ba sai an yi masa bayanin jiƙo ba. A saro sassaƙen maɗaci ko na marke, a yayyafo ganyen sabara, a zuba a tukunyar ƙasa ko jarka, a cika da ruwa, a bar shi ya kwana. Da safe a tsiyaya a sha. Idan ruwan ya ja baya a ƙara wani, har sai ɗacin ya salance. Matsalar wannan jiƙo guda ce, kowa kuma ya san ta: ba ya jimawa. A zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a jihar Sakkwato, kwana biyu ko uku sun isa ruwan ya yi yauƙi, ya canja wari, kumfa ta taso a samansa.

Masu ilimin harhaɗa magunguna sun daɗe da gano hanyar kauce wa wannan. Maimakon ruwa zalla, sai su jiƙa ganye ko saiwa a cikin etanol da aka sirka da ruwa, wato sinadarin nan da ke sa barasa ta bugar. Abin da aka tace daga ciki shi suke kira tinca, kuma yakan yi shekaru a kwalba bai lalace ba. Ba al'adar magungunan gargajiyar Hausa ba ce, kuma a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000 ba a sa ran ganin mai magani yana auna barasa a bakin kasuwa. Amma kwalaben da aka haɗa ta wannan hanya suna shigowa kemis-kemis da jakunkunan 'yan talla, don haka ya kamata mai saye ya san abin da ke ciki.

Etanol yana aiki biyu ne. Na farko, yana narkar da abin da ruwa ba ya iyawa. Ruwa na fitar da bauri irin na bagaruwa, da launi da tsami irin na zoɓo, amma idan ya taras da mai ko ƙaro mai ƙamshi sai ya gaza. Yajin citta da man kanumfari da ƙaron dashi duk sun fi sakin jiki a cikin etanol. Na biyu, yana hana ƙwayoyin cuta da fumfuna rayuwa, muddin ƙarfinsa bai faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari ba. Shi ya sa ba kowane tsiro ake ba ƙarfi ɗaya ba. Mai yawan bauri kashi 25 zuwa 40 ya ishe shi, mafi yawan ganyaye da saiwoyi suna son 45 zuwa 70, ƙaro kuwa sai an kai 90.

Sai maganar awo, wadda ita ce ƙashin bayan aikin. A jikin kwalba akan ga an rubuta 1:5. Lambar farko nauyin tsiron ce da giram, ta biyu yawan ruwan da mililita. Ma'ana, kowane giram ɗaya na busasshen magani an ba shi mililita biyar. Idan tsiron mai ƙarfi ne ƙwarai akan buɗa zuwa 1:10, domin kuskuren ɗigo ɗaya ko biyu kada ya zama ajali. Mudu ko cikin tafi ba su da amfani a nan, don gwangwani ɗaya na ganyen sabara da gwangwani ɗaya na garin citta nauyinsu ba ya ko kusa da juna. Sai sikeli.

A ɗauki citta, wadda kowace kasuwa daga Kuchi zuwa Dogondaji ba ta rasa ta, galibi kuma daga kudancin Kaduna, wajen Kachia, ake kawo ta. Mai harhaɗa magani ya auna busasshiya giram 100, ya daddage ta ɓarza-ɓarza. Ba ya mai da ita gari liƙis, don garin zai cure ya toshe matata, ba ya kuma barin ta ƙulu-ƙulu, don ruwan ba zai ratsa cikinta ba. A kan 1:5 yana bukatar ruwa mililita 500, mai ƙarfin kashi 70. Etanol ɗin da ake sayar wa masu haɗa magani kuwa yawanci kashi 96 ne, saboda haka dole ya sirka. Lissafin shi ne 500 × 70 ÷ 96, abin da ya ba shi kimanin mililita 365. Sai ya zuba wannan a ma'auni, ya ƙara tsabtataccen ruwa har ya kai layin 500.

A nan akwai wani abin mamaki da kan rikita ɗalibi a karon farko. Idan aka auna ruwa mililita 135 aka zuba a kan 365 ɗin, jimlar ba za ta cika 500 ba, za ta ɗan gaza, domin ƙwayoyin etanol da na ruwa suna matsuwa da juna idan sun haɗu. Don haka ake cikawa zuwa layi, ba a dogara da lissafin tarawa ba.

Daga nan a zuba cittar a kwalbar gilashi mai faɗin baki, a bi ta da ruwan har ya shanye kanta, a toshe sosai, a rubuta kwanan wata da awon a manna. Murfin ba abin wasa ba ne a ƙasa mai zafi irin wannan. Etanol ya fi ruwa saurin tashi, kuma kwalbar da ke shan iska za ta wayi gari ƙarfinta ya ragu ba tare da ido ya gani ba. A ajiye ta a inuwa, nesa da murhu da fitila domin abu ne mai kama wuta, a riƙa girgiza ta sau ɗaya a rana. Dalilin girgizawar shi ne ruwan da ke manne da cittar yakan ƙoshi da abin da ya tsotsa ya daina karɓa, sai an motsa sabon ruwa ya matso.

Kwana nawa? A nan bakin masana ya rabu. Littattafan ƙa'idar harhaɗa magunguna na Biritaniya, waɗanda makarantun Najeriya suka gada, sun yanke kwana bakwai. Masu haɗa maganin ganye a gidajensu a Turai da Amurka sukan ce mako biyu zuwa shida. Gaskiyar ita ce mafi yawan abin da zai fita yakan fita a kwanakin farko, sannan aikin ya yi ta ja baya har ruwan ciki da na waje su daidaita. Ganye da fure, tun da sirara ne, mako ɗaya ko biyu ya wadatar da su. Sassaƙe da saiwa mai tauri ne ke cin moriyar mako huɗu ko fiye. Barin kwalba wata shida ba ya ƙara mata ƙarfin da ya taka kara ya karya, sai dai a wasu itatuwan ya ƙara bauri. Masana'antu ma ba sa jira. Sukan cusa garin a wani dogon mazurari, su bar shi ya jiƙu yini da kwana, sannan ruwan ya riƙa ratsawa yana ɗiga ta ƙasa.

Ranar tacewa, a juye a farin ƙyalle mai tsabta a matse da ƙarfi. Duk matsar da aka yi, 500 ba za ta dawo ba, don tukar ta riƙe rabonta. A samu wajen 400 an yi ƙoƙari. Amfanin duk wannan wahala yana bayyana ne a cokali: ƙaramin cokali mai mililita biyar ya tsaya a madadin giram ɗaya na citta, yau da gobe da baɗi. Jiƙon tukunya ba ya iya wannan alkawari, kofin yau da na jibi ba ɗaya ba ne. Sai dai kuma a nan haɗarin yake. Wanda ya saba kwankwaɗar kofin jiƙon maɗaci, in ya yi wa na etanol irin wannan sha, ya haɗa wa hantarsa kaya biyu, yawan magani da yawan barasa.

Kuskuren da ya fi lalata aiki shi ne na ɗanyen tsiro. Ɗanyar citta kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne, ke nan giram 100 na ɗauke da ruwa wajen mililita 80 a ɓoye. Shi ya sa ake yi mata awon 1:2 da etanol mai ƙarfi. A zuba mata mililita 200 na mai kashi 96, ruwan jikinta ya sirka shi ya sauko kusan 69, daidai inda ake so. Amma a zuba mata mai kashi 40, sai ya faɗo wajen 29, in kuma aka yi rowar ruwan aka zuba 100 kacal, ya gangaro kusan 22, bakin gaɓar lalacewa. Alamomin ba sa ɓuya: wari mai tsami, murfi ya yi tsit idan an buɗe, fumfuna a kan guntun da ya leƙo saman ruwa. Wannan zubarwa ake yi. Ɗan laka da ke kwantawa a gindin kwalba kuwa ba laifi ba ne, haka nan idan an ɗiga jiƙon ƙaro a ruwa ya yi fari kamar madara, ƙaron ne ke fita daga narkewa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ruwan da kansa. Sifirit na goge ciwo ba na sha ba ne, da gangan ake gurɓata shi, sau da yawa da metanol, wanda ba a bambanta shi da etanol da ido ko da hanci. Mililita goma na iya makantar da mutum, talatin na iya kashewa, kuma alamun sukan jinkirta rabin yini ko fiye kafin ciwon kai da amai da dishi-dishin gani su bayyana. A watan Afrilun 2015 mutane sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, daga baya bincike ya danganta abin da metanol a cikin ogogoro, kuma irin ogogoron ne masu sayar da jiƙe-jiƙen tasha a kudu ke zuba wa saiwoyinsu.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a shekarar 2002 ta haramta yin magani da giya zalla. Ta halatta maganin da ke ɗauke da ɗan kaɗan da haɗin ya tilasta idan babu madadi kuma amintaccen likita ne ya rubuta, ta kuma yarda da amfani da shi a fata don kashe ƙwayoyin cuta. Tinca mai kashi 70 ba ɗan kaɗan ba ce, don haka mai niyyar sha ya fara da tambayar malaminsa. Madadin da ake da shi shi ne gilisarin ko khal, da awo iri ɗaya, sai dai ba sa fitar da mai da ƙaro sosai, kuma ba sa daɗewa kamar na etanol.

Mai ciki da ƙaramin yaro da mai ciwon hanta, jiƙon etanol ba nasu ba ne ko kaɗan. Sauran jama'a kuma, kafin a miƙa kuɗi a juya kwalbar a duba abu uku: lambar NAFDAC, awon tsiro da ruwa, da kason etanol. Idan babu su a rubuce, a mayar wa mai talla kayansa.